Ina shan maganin damuwa da ƙwayar tazarar haihuwa, zan iya haɗawa da St John's Wort?

"Assalamu alaikum, Malama. Wata biyar ke nan likita ya ɗora ni a kan sertraline, miligiram 50 kullum da safe, saboda ciwon damuwa, kuma shekara guda ina shan ƙwayar Microgynon. Yayata da ke Ingila ta aiko mini da kwalbar St John's Wort, ta ce ganye ne zalla, ya fi na asibiti sauƙi a jiki. Yau kwana 16 ina shan miligiram 300 safe da yamma, da niyyar in daina na asibitin a hankali. Tun shekaranjiya hannuna ke ɗan rawa, ina gumi da dare, kuma na ga ɗigon jini alhali lokacin al'adata bai yi ba. Ko maganin ne yake wanke jikina?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ƙara shan ko ƙwaya ɗaya daga wannan kwalbar, kuma ki ga likita yau ɗin nan, kafin lokacin shan sertraline na gaba ya zo, domin shi ne zai duba ki ya yanke ko za ki sha ko za a ɗan dakatar da shi. Idan kafin ki isa asibiti jikinki ya yi zafi, ko rawar ta koma fizge-fizge a ƙafafu, ko 'yan gida suka ga kina magana a rikice, to kada a jira layin ganin likita, a wuce da ke sashen gaggawa kai tsaye. Ƙwayar tazarar haihuwa kuwa ki ci gaba da shanta a kan lokacinta, amma daga daren yau kada ki dogara da ita kaɗai. Babu wani wankin jiki da ke faruwa. Rawar hannu da gumin suna da hanya ɗaya, ɗigon jinin yana da wata hanyar daban, kuma duka biyun sanannu ne ga duk wanda ya yi aikin harhaɗa magunguna.

Ganye ne, amma magani ne mai ƙarfi

Yayarki ba ta yi miki ƙarya ba da ta ce ganye ne. Tsiro ne mai fure rawaya da ke fitowa a Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka, idan aka ɗaga ganyensa a rana sai a ga wasu ƙananan ɗigo kamar an huda shi da allura, idan kuma aka murza furen tsakanin yatsu sai ya ba da jan ruwa. Yana fure ne wajen 24 ga Yuni, ranar da Kiristocin Turai ke tunawa da Yahaya mai baftisma, daga nan ya samo sunansa. Ba ya cikin itatuwan da masu maganin gargajiyarmu suka gada, shi ya sa ba shi da suna a Hausa, kuma yana shigo mana ne cikin kwalba, ko ta hannun 'yan'uwa da ke waje ko ta masu sayarwa a intanet.

Ba ta yi ƙarya ba kuma da ta ce yana aiki. A Jamus likitoci na rubuta shi, kuma a shekarar 2008 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutane sama da 5,000, ta ga ya fi ƙwayar da ba ta da magani a ciki, ya kuma yi kusan daidai da magungunan asibiti ga masu damuwa mara tsanani zuwa matsakaiciya, ko da yake sakamakon ya fi kyau a ƙasashen da ke magana da Jamusanci. To amma a lura, waɗannan mutanen shi kaɗai aka ba su. Ba a haɗa musu shi da maganin damuwa na asibiti ba. Abin da ya sa yake iya ɗaga zuciyar mai damuwa shi ne yana taɓa ƙwaƙwalwa da gaske, kuma duk abin da ya kai ga taɓa ƙwaƙwalwa ya kai ga yin ɓarna idan ya tarar da wani maganin a wurin. A Ingila da Amurka ana sayen sa a kan kanta ba tare da takardar likita ba, amma ƙasar Ayalan tun shekarar 2000 ta mayar da shi maganin da sai likita ya rubuta.

Cikin sinadaran da ke cikinsa akwai ɗaya da ake kira haifaforin, kuma shi ne tushen matsalarki ta ɓangarori biyu. A ƙwaƙwalwa yana ƙara wa maganin damuwarki ƙarfi fiye da yadda likita ya tsara. A hanta kuma yana rage wa ƙwayar tazarar haihuwa ƙarfi. Na farkon yana zuwa da sauri, da alamomin da ake gani, na biyun kuwa yana tafiya a hankali cikin makonni, sau da yawa ba tare da wata alama ba.

Rawar hannu da gumi

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu shi ne sirotonin. Idan ƙwaya ta sake shi ya isar da saƙo, sai ta sake zuƙe shi ta adana. Aikin sertraline da 'yan'uwansa irin su fluoxetine da escitalopram shi ne toshe wannan zuƙewar, don sirotonin ya daɗe a wurin. Miligiram 50 ɗin da aka ba ki an auna shi ne don ya toshe gwargwadon da ake bukata. Haifaforin shi ma yana hana zuƙewar, ta wata hanya tasa daban, saboda haka kwana 16 ke nan abubuwa biyu suna tare hanya ɗaya, sirotonin yana taruwa fiye da yadda jiki ke so.

Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke amsa wannan sinadarin ba. Hanji yana amsa shi, jijiyoyin da ke motsa tsoka suna amsa shi, haka ma wurin da ke daidaita zafin jiki. Shi ya sa idan ya yi yawa alamomin suke fitowa a wurare da dama lokaci guda. A matakin farko akwai rawar hannu, gumi, bugun zuciya da sauri, rashin natsuwa, kasa barci, wani lokaci da gudawa, kuma baƙin ido yana buɗewa fiye da yadda ya saba. Abin da kika faɗa ya yi kama da wannan matakin, ko da yake ba zan iya tabbatarwa daga nesa ba, domin sertraline shi kaɗai yana sa wasu gumin dare, kuma ciwon damuwa ma yana sa hannu rawa. Abin da ya sa na ɗauke shi da muhimmanci shi ne wata biyar kina shan maganin ba ki ga haka ba, sai da kwalbar ta shigo.

Idan abin ya ci gaba, tsokoki su ne ke tona shi, musamman na ƙafa. Akwai gwajin da likita zai yi miki wanda ba ya ɗaukar minti ɗaya. Zai kwantar da ke, ya riƙe tafin ƙafarki ya tura shi sama da sauri, ya ci gaba da riƙewa. Ƙafar mai lafiya tsayawa take yi. Ƙafar wanda sirotonin ya yi wa yawa kuwa sai ta riƙa bugawa a hannun likitan da kanta, sau huɗu, biyar, har fiye, kamar ƙafar tela a kan keken ɗinki. Zai kuma ɗan buga ƙasan gwiwa da ƙaramar gudumar roba, sai ƙafar ta yi tsalle fiye da kima. Wannan alamar ita ce ta fi kowace raba wannan cutar da sauran abubuwan da suke kama da ita. Mataki na ƙarshe shi ne zafin jiki ya haura digiri 38, tsokoki su sandare, hankali ya rikice, a wasu ma zafin ya wuce 41, kuma a nan ne ƙoda ke lalacewa, rai ma yana iya salwanta. Wannan zafin daga aikin tsokoki yake fitowa, saboda haka farasitamol ba ya sauke shi. A asibiti ana tsayar da duk maganin da ke ƙara sirotonin, a sa ruwa, a ba da allurar kwantar da tsoka irin diazepam, a sanyaya jiki, wani lokaci a ƙara da cyproheptadine mai tare aikin sinadarin. Mafi yawan waɗanda aka gane da wuri suna warwarewa cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Ya kamata in faɗa miki gaskiyar girman haɗarin. Yawancin rahotannin da aka rubuta kan haɗa wannan ganyen da maganin damuwa na matsakaiciyar cuta ne, kamar rahoton 1999 daga Amurka kan tsofaffi biyar, huɗu daga cikinsu masu shan sertraline, waɗanda suka kamu da tashin zuciya da ruɗewa da rashin natsuwa kwanaki kaɗan bayan sun fara shi, suka kuma warke da aka tsayar. Abin da ke ba ni tsoro a wurinmu shi ne abu na uku da yake hawa kan biyun farko.

Akwai wata malamar makaranta da na sha ba magani a asibitin da nake aiki, tana shan fluoxetine miligiram 20. Duk zuwanta ina tambayarta ko tana shan wani magani, ta ce a'a, kuma a ganinta gaskiya ta faɗa, domin kwalbar da ta saya a intanet ba ta ɗauke ta magani ba, ƙarin lafiya take kiranta. Bayan kamar mako uku tana haɗawa ta fara gumi da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi. Kamar yadda kowa zai yi a garinmu, ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta aika yaro kemis, aka haɗo mata maganin zazzaɓi da tiramadol saboda ciwon jikin. Tiramadol kuwa, ban da kashe zafi, shi ma yana hana zuƙe sirotonin. Ta sha da la'asar, bayan isha'i aka kawo ta a bayan mota, rigarta ta jiƙe sharkaf, haƙoranta na karo da juna, tana ta cewa a rufe ƙofa alhali a buɗaɗɗen fili take. Zafin jikinta 38.6, gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba. Wani matashin likita ne ya lura da yadda ƙafafunta ke fizga, ya tura tafin ƙafar sama, ta yi ta bugawa ba tsayawa. Sai da ƙanwarta ta zazzage jakarta a kan tebur muka ga kwalbar mai hoton fure rawaya. Kwana huɗu ta yi a kwance, domin fluoxetine yana daɗewa a jini, sannan ta koma gida lafiya. Tun daga ranar na canza tambayata. Yanzu nakan ce a lissafa mini duk abin da ake haɗiya ko ake jiƙawa a sha wanda ba abinci ba, har shayi da na ƙarin jini da abin da aka kawo tsaraba.

Saboda haka a 'yan kwanakin nan kada ki sha tiramadol ko da wa ya ba ki, kada ki sha maganin tari na ruwa mai ɗauke da dextromethorphan, kuma idan jikinki ya yi zafi kada ki yanke wa kanki cewa cizon sauro ne ki aika kemis.

Game da niyyarki ta barin maganin asibiti, ban raina ta ba, mutane da yawa suna gajiya da shan ƙwaya kullum, wasu kuma suna jin nauyin a ce suna shan maganin ƙwaƙwalwa. Sai dai hanyar da kika ɗauko, ta haɗa biyun sannan a janye ɗaya, ita ce mafi haɗari a cikin hanyoyin. Yanke sertraline lokaci guda ma yana da nasa: jiri, tashin zuciya, saurin fushi, da wani abu kamar wutar lantarki na wucewa ta kai. Bisa ƙa'ida ana ci gaba da maganin damuwa aƙalla wata shida bayan mutum ya ji ya warware, sannan a rage shi mataki-mataki cikin makonni. Ke wata biyar kacal kika yi tun farawa. Idan wani abu ne yake damunki a maganin, ko ƙiba, ko raguwar sha'awa, ko kina ganin bai yi miki aikin da kika zata ba, ki faɗa wa likitan ƙarara, akwai canji da ake iya yi.

Ɗigon jinin

Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin rawar hannu tana kai mace asibiti, shi kuwa wannan yawanci sai gwajin ciki ke bayyana shi.

Kowace ƙwayar Microgynon mai aiki tana ɗauke da sinadarai biyu masu kama da na jikin mace, ɗaya mikirogiram 150, ɗayan mikirogiram 30. Mikirogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram, kin ga ke nan ɗan mitsitsin abu ne, an rage shi da gangan zuwa gwargwadon da zai hana ƙwai fita ba tare da ya wahalar da jiki ba. Duk abin da kika haɗiya yana bi ta hanji da hanta, inda wasu sinadarai ke farfasa shi don a fitar. Babba a cikinsu shi ne wanda ake kira CYP3A4, kuma shi ne ke farfasa sinadaran ƙwayar taki. Kamfanin da ya yi ƙwayar ya yi lissafinsa ne da hanta mai aiki a kan saurinta na yau da kullum, ta yadda abin da kika sha yau zai kai ki gobe war haka.

Haifaforin yana shiga ƙwayoyin hanta ya taɓa wani makunni da ke umartar su da su ƙera ƙarin CYP3A4. Ya kuma ƙara yawan wani famfo a bangon hanji wanda ke mayar da magani cikin hanjin kafin ya shiga jini. Ƙera waɗannan abubuwan yana ɗaukar lokaci, kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya kai ƙarfinsa, shi ya sa a makon farko ba ki ga komai ba. Kwana 16 ɗinki ya faɗo daidai lokacin da hantarki ke cinye ƙwayar da sauri fiye da lissafi. Idan sinadaran suka yi ƙasa a jini, shimfiɗar cikin mahaifa da suke riƙe da ita sai ta fara sakin jini kaɗan-kaɗan. Matan da suka zo mini da wannan, da yawansu maganar salla ce ta sa suka lura, sun ga ɗigo a tsakiyar wata sun rasa ko su yi wanka ko su ci gaba da ibada, kuma ba su kawo cewa ƙwayarsu ce ta yi rauni ba.

An auna wannan a zahiri. A wani gwaji na 2003 a Amurka da mata 12 masu shan ƙwaya, biyu ne suka ga jinin tsakiyar wata kafin a ba su ganyen, bayan an ba su kuwa suka zama bakwai. Wani gwajin na 2005 da mata 16 ya ga sinadaran sun ragu a jini da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, an kuma ga alamar ƙwai yana girma a wasunsu. Gwaje-gwajen ƙanana ne, ba su isa su nuna mace nawa cikin ɗari za ta ɗauki ciki ba, amma cikin ya faru. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta sanar a 2014 cewa tun daga 2000 ta karɓi rahoto 19 na karon ganyen da magungunan tazarar haihuwa, 15 daga ciki sun ƙare da cikin da ba a shirya ba, kuma huɗu daga cikin rahotannin na mata ne masu ashanar fata. Wato ko ashanar da ake sawa a dantse, Implanon ko Jadelle, ba ta tsira ba, domin sinadarinta ta hantar yake bi. Ki lura kuma da cewa ɗigon jini gargaɗi ne da ba kowa ke samu ba. Macen da ba ta ga komai ba tana iya kasancewa cikin haɗari iri ɗaya da naki.

Ga yadda lissafinki zai kasance. Ranar da kika daina shan ganyen, hanta ba ta komawa daidai nan take, sai ƙarin sinadaran da ta ƙera sun tsufa sun ƙare. Ƙa'idar da likitocin tazarar haihuwa ke bi ita ce a ƙara wata kariya har kwana 28 bayan ƙwayar ganyen ta ƙarshe. Idan ta safiyar yau ce ta ƙarshe, kuma yau 1 ga wata, to har 29 ga wata za ki ci gaba da Microgynon kullum, tare da kwaroron roba a duk saduwa, ko kuma a ƙaurace. Na san wannan yana nufin zama da maigida a yi magana, kuma na san ba a kowane gida take da sauƙi ba. Ki nuna masa kwalbar, ki gaya masa umarnin asibiti ne mai wa'adi, mako huɗu ne. Kada ki ce za ki riƙa shan ƙwaya bibbiyu don cike giɓin, wannan ba abin da mace ke yi da kanta ba ne.

Sai kwanakin da suka wuce. Idan an sadu cikin kwana biyar na baya-bayan nan ba tare da kwaroro ba, kuma ba kya son ciki yanzu, ki faɗa wa likitan yau, domin akwai abin da har yanzu ake iya yi. Wanda ya fi inganci shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe, ana sa ta cikin kwana biyar, kuma hanta ba ta da hannu a aikinta. Ƙwayar gaggawa irin Postinor kuwa hantar tana cinye ta da sauri kamar yadda take cinye Microgynon, shi ya sa ga macen da ta sha wannan ganyen cikin mako huɗu na baya ake ninka ta, miligiram 3 a maimakon 1.5, cikin awa 72, kuma likita ko mai harhaɗa magani ne zai ba da wannan. Saduwar da ta wuce kwana biyar kuwa sai jiran gwaji. Gwajin fitsari ba ya zama abin dogaro sai bayan kwana 21 da saduwar ƙarshe da ba a yi kariya ba, saboda haka ki sa alama a kalanda ki yi shi a ranar, ko da kin ga jini a makon hutun ƙwaya, musamman idan jinin bai kai yadda kika saba ba. Idan ya nuna akwai ciki, ki ajiye Microgynon, kada ki firgita, ba a san ƙwayar da nakasa jariri ba, kuma kada ki yanke sertraline da kanki, ki koma wurin likita a tsara. Idan ɗigon jinin ya ci gaba bayan wata guda da barin ganyen, ko ya zo da ciwo a gefe ɗaya na mara, to a duba ki, domin ciki a wajen mahaifa da ciwon bakin mahaifa su ma suna kawo ɗigo.

Ga matar da ba ta shan maganin damuwa na asibiti, kuma likitanta ya yarda ta sha ganyen, hanyoyin tazarar da ba ya taɓawa su ne allurar wata uku, wato Depo-Provera ko Sayana Press, da robar mahaifa iri biyu, mai jan ƙarfe da mai sinadari. Ke wannan bai buɗe miki ƙofa ba, domin ko kin canza hanyar tazara, karon da ke tsakanin ganyen da sertraline yana nan.

Kwalbar da abin da aka rubuta a jikinta

Wataƙila yayarki ta ce ita shekaru take sha ba abin da ya same ta. Yana yiwuwa, idan ba ta shan wani magani. Yana kuma yiwuwa saboda kwalabe sun bambanta ƙwarai. Yawancin kamfanoni suna rubuta adadin wani sinadarin ne mai suna hypericin, galibi kashi 0.3 cikin ɗari, ba sa rubuta adadin haifaforin, alhali shi ne mai tayar da hanta, kuma yawansa yana iya ninkuwa sau da yawa daga wannan kamfani zuwa wancan. Akwai nau'in da aka rage masa haifaforin sosai wanda bai cika karo da magunguna ba, amma mai saye ba shi da hanyar tantance hakan daga miligiram 300 da ke rubuce a gaba, don haka duk gargaɗin hukumomi ya haɗa su gaba ɗaya.

Yana kuma ɓuya cikin gauraye. Ƙwayoyi da shayin da ake tallatawa don kwanciyar hankali, ko barci, ko zafin jikin daina al'ada, da yawansu suna ɗauke da shi a jerin ƙananan rubutun baya. Sunayen da za ki nema su ne St John's Wort, Hypericum perforatum, Johanniskraut idan daga Jamus ne, da Millepertuis idan rubutun Faransanci ne, kamar kayan da ke shigowa ta Nijar. Idan kika ga 5-HTP a jerin, shi ma yana ƙara sirotonin, ki ajiye. Lambar NAFDAC a jikin maganin ganye ba ta nufin an gwada shi tare da magungunan da kike sha.

Tunda kwalbar tana cikin gida, ki sani ba magungunanki kaɗai take taɓawa ba, kada ki miƙa wa wata da kyakkyawar niyya. A shekarar 2000 aka gano tana rage maganin ƙanjamau mai suna indinavir a jini da fiye da rabi, a shekarar kuma likitoci a Zurich ta ƙasar Switzerland suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin zuciyar saboda ganyen ya cinye maganin da ke kare ta. Yana raunana magungunan ƙanjamau na yanzu, da warfarin mai hana daskarewar jini, da wasu magungunan farfaɗiya, har takardar Coartem, maganin zazzaɓin da muke sha kullum, ta hana haɗa su. Masu shan irin su warfarin kuwa ko dainawa za su yi sai da sanin likita, domin idan hanta ta lafa maganin nasu zai hau a jini, sai an sake auna musu. Ke da kike kan sertraline da Microgynon, bayan kwana 16 kacal, dainawa nan take ita ce daidai.

Idan za ki tafi yau, kada ki tuƙa mota da kanki, ki samu wanda zai raka ki. Ki sa kwalbar a jaka tare da kwalin sertraline da katin Microgynon yadda yake, don a ga ƙwayar da kika tsaya a kai. Ki rubuta a takarda ranar da kika fara shan ganyen, awar da kika sha na ƙarshe, ranar da rawar hannun ta fara, ranar da kika ga jinin, da ranar saduwa ta ƙarshe. Idan likitan bai duba ƙafarki ba, ki gaya masa kin haɗa sertraline da St John's Wort kwana 16, ki roƙe shi ya gwada tafin ƙafar ya kuma auna zafin jikinki da bugun zuciya. Allah ya ba ki lafiya.